Shirin kwana 30 na neman aiki bayan gama bautar ƙasa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasa ke yawan yi mini a makonnin farko bayan sun karɓi takardar sallama daga NYSC, lokacin da alawus ɗin naira 77,000 ya tsaya, gida kuma aka fara tambayar yaya ake ciki. Na rubuta amsoshin ina kallon wanda ke zaune a gari kamar Kano ko Kaduna, yana da waya, kuɗin datarsa a ƙirge yake, kuma ba shi da wani babba da zai ɗaga waya kawai a ba shi kujera. Adadin da zan ambata na takardu da na mutane shawarata ce, kowa zai iya rage ta ko ya ƙara gwargwadon halinsa.

A taƙaice, yaya shirin yake?

Ka fara ranar Litinin, don lissafin ya zo da sauƙi. Kwana uku na farko ba za ka tura wa kowa komai ba, na shiri ne. Daga rana ta huɗu, wato Alhamis, aikin kullum zai fara: Litinin zuwa Alhamis ka tura takardar neman aiki uku a rana, Litinin zuwa Asabar kuma ka yi magana da mutum biyu a rana. Juma'a babu sabuwar takarda, ranar bin sawun abin da ka riga ka tura ce. Lahadi ka zauna da littafinka ka ƙirga abin da mako ya haifar. Rana ta 29 da ta 30 na rufe lissafi ne da yanke shawarar abin da za ka yi a wata mai zuwa.

In ka bi wannan, ranakun tura takarda 13 ne, wato takardu 39, ranakun magana da mutane kuma 21 ne, wato mutum 42. Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa waɗannan lambobi biyu kusan ɗaya suke, kuma da gangan na yi haka. Yawancin masu neman aiki suna tura takarda ɗari ba su yi magana da mutum biyar ba.

Takarda uku a rana ba ta yi kaɗan ba? Abokina yana tura ashirin.

Ka tambaye shi sunayen wurare biyar daga cikin ashirin ɗin da ya tura jiya, za ka ga ya yi shiru. Wanda ke tura ashirin a rana takarda ɗaya yake watsawa ko'ina: ita ce ta banki, ita ce ta makaranta, ita ce ta ƙungiyar agaji. Mai tantancewa kuwa yana da tarin takardu a gabansa, abin da idonsa ke nema shi ne kalmomin da ya sa a sanarwa. In bai gan su a saman shafi ba sai ya wuce.

Takarda ɗaya da aka yi wa adalci tana cin kusan awa guda. Za ka karanta sanarwar sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwa uku ko huɗu da suka fi matsa wa a kai, ka koma kan CV ɗinka ka ɗago abin da ya dace da su zuwa sama, ka rubuta gajeriyar wasiƙa da ta ambaci sunan wurin da sunan muƙamin, sannan ka duba kuskure kafin ka tura. Uku irin wannan awa uku ke nan, kuma bayan awa uku hankali ya fara gajiya, daga nan ne ake tura wa kamfani wasiƙa ɗauke da sunan wani kamfanin. Akwai kuma wani dalili: a gari ɗaya, a fanni ɗaya, da wuya ka samu gurbi ashirin na gaske a rana guda waɗanda ka cika sharuɗɗansu. Wanda ya ce ya samu, ko dai yana nema inda bai cancanta ba, ko yana tura takardunsa ga 'yan damfara.

Me zan yi a kwana ukun farko?

Rana ta farko ta takardu ce. Ka tattara sakamakon jami'a ko na kwalejin kimiyya da fasaha, takardar sallamar NYSC ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, da hoton fasfo mai farin baya. Ka je shagon kwamfuta a kwafe maka su sau ɗaya da kyau, kowace a fayil ɗinta, ka ajiye a waya da kuma cikin imel ɗinka. Ka roƙi mai shagon ya rage musu nauyi, domin shafukan neman aiki da yawa suna ƙin karɓar fayil mai nauyi, kuma babu abin takaici kamar ka gano haka saura awa ɗaya a rufe.

A wannan ranar kuma ka jera takardun ka duba sunanka da ranar haihuwarka. In wata ta ce Muhammad, wata ta ce Mohammed, ko shekarar haihuwa ta NIN ta saɓa da ta WAEC, ka fara neman gyara tun yau, don irin wannan ba ya hana a kira ka, amma yana iya kayar da kai a matakin ƙarshe na tantance takardu, bayan ka ci jarrabawa ka ci ganawa.

Rana ta biyu ta CV ce. Wanda bai daɗe da gama karatu ba shafi ɗaya ya ishe shi, in ya yi yawa biyu. Ka ajiye shi a matsayin PDF da suna mai ma'ana, kamar `Suna_Mahaifi_CV.pdf`. In adireshin imel ɗinka na laƙabin samartaka ne, ka buɗe sabo da sunanka na gaskiya.

Rana ta uku ta jerin sunaye ce, kuma ita ta fi sauran nauyi. Ka sayi littafin rubutu mai ganye arba'in. A gabansa ka rubuta wurare talatin da za su iya ɗaukar mai irin karatunka, ko sun yi sanarwa ko ba su yi ba. A bayansa ka rubuta mutum hamsin da ka sani ko suka san gidanku.

Ni ban san mutum hamsin ba. Ba ni da kowa a sama.

Wannan maganar ina jin ta kullum, kuma na san daga ina take fitowa, don kowa ya ga yadda ake raba wasu guraben ta hanyar manya. Amma ba manya nake nufi ba. Manya suna da jerin 'ya'yan abokansu, kai ne na ƙarshe a ciki. Mutumin da ya fi yi maka amfani shi ne wanda ya riga ka fita da shekara biyu zuwa biyar, yana aiki a ƙaramin muƙami. Shi ya san cewa abokiyar aikinsa za ta yi aure ta koma wani gari, shi ya san irin jarrabawar da aka yi musu, kuma bai manta zafin zaman gida ba.

Ka fara da 'yan ajinku da waɗanda suka gabace ku a sashe. Ka sa malamin da ya duba maka aikin bincike na shekarar ƙarshe, da wanda ya kula da kai lokacin koyon aiki na SIWES, da shugaban wurin da ka yi bautar ƙasa, da abokan da kuka yi hidimar raya al'umma tare a ranakun CDS. Ka sa 'yan ƙungiyar tsofaffin ɗaliban sakandarenku, da mazan yayyenka mata, da matan yayyenka maza, da maƙwabcin da kake gani yana fita ofis kullum da safe, da wanda kuke haɗuwa a sahu ɗaya a masallaci ko a coci. Kada ka manta 'yan kasuwa: mai shago babba a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau yana mu'amala da banki da kamfanonin sufuri da masu binciken kuɗi fiye da ma'aikatan gwamnati da yawa. In ka yi wannan da gaske za ka wuce hamsin kafin la'asar.

To me zan ce musu? Ina jin nauyin roƙo.

Kada ka roƙi aiki. Wanda ka ce wa "a taimaka mini da aiki" ba shi da amsar da zai ba ka sai "Allah ya kawo", kuma daga ranar zai fara kauce wa kiranka, don ka ɗora masa abin da ba ya hannunsa. Ka tambaye shi abin da yake da ikon bayarwa, wato labari da suna. Ga irin saƙon da za ka iya aika wa wanda ya girme ka a sashe:

"Assalamu alaikum Yaya, barka da aiki. Ni ne wane, ƙaninku a sashen lissafin kuɗi, na fita shekara uku bayanku. Na gama bautar ƙasa a watan jiya, ina neman aikin akanta a nan Kano. Ina so in ji yadda kuka shiga wurinku da irin abin da suke dubawa. In da hali in kira ku na minti goma, a lokacin da ya fi muku sauƙi. Na gode."

Saƙon ya faɗi ko kai wane ne, ya faɗi aikin da kake nema da sunansa, ya kuma iyakance lokacin da kake roƙo. Ga dattijo kuwa, abokin mahaifinka ko tsohon shugabanka, saƙon waya bai dace ba. Ka je da ƙafarka, zumunci a ƙafa yake. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, na zo in sanar da ku na kammala, a sa mana albarka", sannan in ya tambaye ka me kake ciki, kuma zai tambaya, ka faɗi fanninka a jimla ɗaya. Takardarka tana cikin ambulan a hannunka, amma kada ka miƙa sai ya nema.

Kowace hira, ta waya ce ko ta zaure, ka rufe ta da tambaya guda: "Akwai wanda kuke ganin ya kamata in gani?" In aka ba ka suna, ka nemi izinin ambaton wanda ya turo ka. Da wannan tambayar jerin sunayenka ba zai ƙare ba, domin a mako na uku rabin mutanen da za ka kira waɗanda aka haɗa ka da su ne. Mutum ba ya shiga lissafin biyun ranar sai kun yi magana ta gaske, ko ka aika masa saƙon da ka rubuta dominsa shi kaɗai. Jefa CV a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba ya cikin lissafi.

Ina zan samu gurbi uku na gaske kowace rana?

Daga wuri biyu. Na farko shi ne sanarwa: Jobberman, MyJobMag, LinkedIn, da ReliefWeb ga mai neman aikin ƙungiyoyin agaji, sai shafukan kamfanonin da kansu. Ka riƙa nema da sunan muƙami haɗe da gari, misali `accounts officer Kano` ko `graduate trainee Kaduna`, ka kuma kunna sanarwar imel don kada ka ƙona data kana ta bincike. Ka ware minti arba'in da safe don wannan, in lokacin ya cika ka rufe.

Na biyu shi ne wuraren da ba sa sanarwa, kuma a garuruwanmu su ne suka fi yawa: makarantu masu zaman kansu, asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ko na Kakuri a Kaduna, kamfanonin shinkafa da takin zamani, dillalan manyan kamfanoni, ƙananan ofisoshin binciken kuɗi da na lauyoyi. Irin waɗannan in gurbi ya samu, manaja yakan tambayi ma'aikatansa ko sun san wani, ko ya jawo aljihun teburi ya duba takardun da aka taɓa kawowa. A rashin tayi akan bar arha. Shawarata ita ce cikin ukun kowace rana, biyu su zama na sanarwa, ɗaya ta zama ta wurin da ke cikin jerinka na talatin. Don rage kuɗin mota, ka tara na kai wa da hannu ka fita sau ɗaya a mako, unguwa ɗaya a fita ɗaya, ka isa tsakanin ƙarfe goma da sha biyu. Ka tambayi mai gadi ko mai karɓar baƙi sunan wanda ke kula da ɗaukar ma'aikata, ka rubuta shi a littafinka, don da wannan sunan za ka bi sawu.

In sanarwa ta ce ana son gogewar shekara biyu, in nema ko in bari?

Sharuɗɗa iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙofa ce a kulle: iyakar shekarun haihuwa da matakin digiri a shirye-shiryen ɗaukar sababbin ma'aikata na bankuna da manyan kamfanoni, takardar NYSC, da lasisin sana'a ga ma'aikacin jinya ko mai haɗa magunguna. A nan na'ura ce ke tacewa kafin idon mutum ya gani, don haka in an ce kada a wuce shekara 26 kai kuma kana da 29, kada ka ɓata awarka, kuma kada ka rage shekaru, NIN zai tona. Akwai kuma waɗanda buri ne na mai sanarwa, kamar gogewar shekara ɗaya zuwa biyu a ƙaramin muƙami. Wannan ka nema, domin shekarar bautar ƙasa da watannin SIWES gogewa ce in ka iya bayyana abin da ka yi a cikinsu. In an ce shekara biyar, ba naka ba ne.

Za a iya nuna mini yadda shirin ke tafiya a kan mutum guda?

Mu ƙaddara wata matashiya ce a Kano, ta karanta lissafin kuɗi ta fita da digiri mai daraja ta biyu ƙarama, ta yi bautar ƙasa tana koyar da lissafi a wata sakandare, kuma ita ce ma'ajin ƙungiyarsu ta CDS. A CV ɗinta na farko abin da ta rubuta a ƙarƙashin bautar ƙasa shi ne "malama", shi ke nan. A rana ta biyu sai ta gyara: ta koyar da azuzuwa uku, ta taya ma'ajin makaranta shigar da kuɗin makaranta a Excel na zango biyu, ta riƙe kuɗin ƙungiya mai mutum arba'in tana ba da rahoto duk wata. Babu ƙarya a ciki, abin da ta yi ne ta kira shi da sunansa.

Matakin digirinta ya rufe mata wasu shirye-shiryen manyan kamfanoni, don haka ta raba wurarenta talatin gida uku: ƙananan ofisoshin binciken kuɗi, ofishin kuɗi na makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da masana'antu. Zuwa Lahadi ta biyu, rana ta 14, littafinta ya nuna takardu 15 da mutum 18. Daga cikin takardun, goma ta shafukan intanet suka tafi, babu wadda aka amsa. Biyar ta kai da hannu ko ta tura da sunan wanda ya haɗa ta, biyu daga ciki sun kira ta. A ɗaya daga cikin biyun, wani ofishin binciken kuɗi, an zaunar da ita gaban kwamfuta aka ce ta daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin banki, ta kasa gamawa a kan lokaci.

Ga abin da wannan lissafi ya gaya mata. Shirun intanet bai isa hujja ba tukuna, domin takardun ba su wuce kwana goma da tafiya ba, manyan wurare kuma sukan ɗauki makonni. Amma hanyar mutane ta riga ta nuna tana aiki, don haka a mako na uku ta juya rabon: biyu ta hannun mutane, ɗaya ta sanarwa. Faɗuwarta a gwajin kuma ta nuna mata takamaiman ramin da ke gabanta. Sai ta ware awa ɗaya kowace yamma tana gwada daidaita lissafin banki da amfani da dabarun lissafin Excel na `SUMIF` da `VLOOKUP`, ta kuma koma wurin ma'ajin makarantar da ta yi hidima ta roƙe shi ya nuna mata yadda yake rufe lissafin wata. Ta aika wa ofishin da ta faɗi saƙon godiya, ta ce tana gyara abin da ya gagare ta. Wannan saƙon ba ya cin ko sisi, kuma ƙananan ofisoshi sukan sake neman mutum bayan 'yan watanni.

Me zan rubuta a littafin, kuma yaya zan gane inda matsalar take?

Kowace takarda layi ɗaya: kwanan wata, sunan wuri, muƙami, hanyar da ta bi, sunan wanda ka sani a ciki in akwai, da ranar bin sawu. Kowane mutum ma layi ɗaya: abin da ya ce, wanda ya haɗa ka da shi, da ranar da za ka sake tuntuɓarsa.

Hukunci na gaske a rana ta 21 ake yin sa, lokacin kana da takardu 27 da mutum 30. In babu kira ko ɗaya daga kowace hanya, laifin yana ga CV ko ga irin wuraren da kake nema. Ka kai CV ɗin wurin mutum biyu masu aiki a fannin, ka ce su faɗa maka dalilin da zai sa su ajiye shi gefe, kada ka tambaye su ko ya yi kyau, don kunya za ta sa su ce ya yi. In ana kiranka jarrabawa kana faɗuwa, CV ba shi da laifi, sauri ne ya yi maka ƙaranci: jarrabawar ɗaukar aiki ta lissafi da Turanci da tunani ba ta da wuya sosai, lokacinta ne gajere, sai ka riƙa gwaji da agogo a gabanka. In kana kaiwa ganawa ana yin shiru, ka sa wani ya zauna ya yi maka tambayoyin da baki, cikin Turanci, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Da yawa daga cikinmu muna rubuta Turanci da kyau amma mun daɗe ba mu yi magana da shi na minti ashirin a jere ba, kuma tarbiyyar sunkuyar da kai gaban manya, wadda abin yabo ce a gida, a ɗakin ganawa ana iya ɗaukarta rashin tabbas. In kuwa mutane ne ba sa amsa saƙonka, ka duba tsawonsa, ka duba ko ka koma roƙon aiki ba ka sani ba.

Bin sawu ba naci ba ne?

Sau ɗaya bayan mako guda, sau na biyu bayan wani makon, daga nan ka bari. Saƙon jimla biyu ne: ka tura takarda ranar kaza don muƙami kaza, kana so ka tabbatar ta iso. Wurin da sanarwarsa ta ce waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa, kada ka kira su. Wanda ya haɗa ka da wani kuwa, ka koma ka gaya masa yadda aka yi, ko an dace ko ba a dace ba, domin wanda ya ji sakamakon taimakonsa shi ke sake taimakawa.

Aikin gwamnati fa, yana cikin lissafin?

In an buɗe shafin ɗaukar aiki, na Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ne, ko na CDCFIB mai ɗaukar jami'an shige da fice da na kashe gobara da na gidajen gyaran hali da na sibil difens, ko na jiharku, ka cike ka ƙirga shi takarda ɗaya. Bayan nan ka ci gaba da shirinka kamar ba ka cike ba, domin tsakanin cikewa da jarrabawa da fitar sunaye watanni ne, wani lokaci fiye da shekara. Na ga matasa da suka jingine komai suna jiran jerin sunaye guda, shekara ta wuce su a haka.

Yaya zan gane gurbin ƙarya?

Babbar alama ita ce kuɗi. Kuɗin fom, kuɗin horo, kuɗin gwajin lafiya da za a tura asusun wani mutum, kuɗin "riƙe maka gurbi", duk sunansu ɗaya. Shafukan ɗaukar aiki na hukumomin tarayya kyauta ake cike su, kuma adireshin hukumomin gwamnati yakan ƙare da `.gov.ng`, don haka ka karanta adireshin harafi bayan harafi kafin ka shigar da bayananka. Kada ka ba kowa lambar sirri ta katin banki ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo. A nan littafinka zai cece ka: in saƙo ya zo yana gayyatarka ganawa gobe da safe, babu sunan kamfani, babu sunan muƙami, ka duba littafi, in ba ka nemi wurin ba kada ka je.

Ga 'yan'uwa mata musamman, ganawar aiki a ofis ake yin ta, a lokacin aiki. Wanda ya ce ki same shi a otal ko a gida ko bayan magariba, ki bar wannan gurbin. Ko ofis ne, in ba ki san wurin ba, ki bar adireshin a gida, ki je da ɗan rakiya ya jira ki a waje.

In aka yi mini tayin albashi kaɗan a tsakiyar watan, in karɓa?

Ka yi lissafi kafin ka amsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, amma ƙananan wurare da yawa suna biyan ƙasa da haka. Ka tambaya ko adadin da aka faɗa shi ne zai shigo hannunka ko kafin a cire haraji da fansho ne, domin inda ake bin dokar fansho ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci. Sannan ka cire kuɗin mota da abincin rana na kwana 22. In an ce 60,000, mota da abinci kuma suna cin 2,000 a rana, 44,000 sun tafi, saura 16,000. Irin wannan ana karɓarsa ne kawai in aikin yana cikin fanninka kuma akwai wanda za ka koya a ƙarƙashinsa, kamar mai karatun akanta da ya samu ofishin binciken kuɗi yana shirin jarrabawar ICAN ko shiga ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci. Ka nemi takardar ɗauka a rubuce, mai ɗauke da muƙami da albashi da ranar farawa. In ka karɓa, kada ka rufe littafin: ka rage zuwa takarda uku a mako da mutum uku.

In kwana 30 suka cika ban samu aiki ba fa?

Hakan na iya faruwa ko ka bi shirin ba ka tsallake rana ba, domin wurare da yawa ba sa gama ɗaukar ma'aikaci cikin wata guda, kuma takardun da ka tura a mako na huɗu amsarsu sai wata mai zuwa. A rana ta 29 ka bi layukan 39 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka raba su uku: waɗanda suka mutu, waɗanda ake jira, da waɗanda aka yi motsi. Ka duba wace hanya da wane irin wuri ne suka fi kawo kira, su za ka ba kashi biyu cikin uku na lokacinka a zagaye na biyu, wanda ba ya buƙatar kwana ukun shiri. A rana ta 30 ka zaɓi mutum goma da suka fi ba ka lokaci cikin 42 ɗin, ka aika wa kowannensu saƙo dabam: ka gode masa, ka faɗa masa inda ka je da abin da ka gyara, ka kuma sanar da shi irin muƙamin da za ka mayar da hankali a kai daga Litinin mai zuwa.